Laraba: takardar ƙarin kuɗin cincin

Yau ba mu yi suya ba. Takarda ce ta cinye min yini.

Da safe Baban yara ya dawo daga kasuwar Singa da fulawa da sukari da jarkar mai, ya miƙo min rasit bai ce uffan ba. Na ɗauko littafi. Kwaɓin buhu ɗaya na fulawa mai kilo 50, har da mai, sukari, bota, madara, gas da leda, a da naira 150,000 yake ci. Yanzu 174,000. Leda 600 nake samu a ciki, wato kowace ɗaya da take zuwar min a 250 ta koma 290, ni kuwa 300 nake ba masu shaguna. Ribar naira goma! Leda ashirin su fashe a hanya, na yi wa wuta aikin banza.

Yaya ta shigo ta tarar da ni ina rubutu ina gogewa.

"Ke, wace takarda kuma? Rage cikin ledar kaɗan, wa zai auna?"

Na ce, "Yaya, hannun mai shago sikeli ne. Ranar da ya gane, ba zai ƙara yarda da ni ba."

Ta ce to in cika ta da ban haƙuri. Nan ma ban bi ta ba. Wanda ya ga roƙo ya yi yawa, ciniki zai nema, ya ɗauka akwai ragi. Haƙuri sau ɗaya ya isa. Ga abin da na tura:

"Assalamu alaikum. Saboda tashin kuɗin fulawa, mai da sukari, daga ranar 1 ga wata mai kamawa ledar cincin za ta koma naira 350 a sari. Nauyi da ɗanɗano suna nan yadda kuka sani. Odar da aka riga aka biya, da kayan da ke hannunku, suna kan tsohon farashi. A yi haƙuri. Na gode, Allah ya bar zumunci."

Na so in tsaya a 330, amma ina za a samo canjin naira ashirin? Gara 350, su sayar 400, ribarsu ta hamsin ba ta taɓu ba. Mako biyun da na bayar kafin sabon farashin ya fara kuwa don su ƙarar da na ƙasa ne, su kuma sanar da nasu masu saye. Kowa na tura masa nasa daban a WhatsApp, dattawa uku kuma Auta ya kai musu a takarda.

Tuwo ya kusa kamawa. Wuta ba a kawo ba.

Hajiya mai shagon bakin makaranta ta amsa da "Allah ya kawo sauƙi", ta kuma ninka odarta kafin ranar. Wannan na manta ban sa masa iyaka ba, kuma a ribar goma zan soya shi. Alhaji na tasha, wanda ya fi kowa ɗauka, ya karanta tun la'asar, har yanzu shiru. Bashin leda 200 ke kansa.