"Taki dai an kawo": abin da aikin fassarar hira ya koya mini game da dai da fa

Aikina shi ne rubuta hirarrakin da aka ɗauka a rikoda, in mayar da na Hausa zuwa Turanci, na Turanci kuma zuwa Hausa. Kusan duk mai ba da irin wannan aiki yakan haɗa shi da umarni guda: a share kalmomin cike gurbi, a bar tsantsar magana. A wajensa *well* da *so* da *you know* shara ce, kuma ya ɗauka dai da fa da kam 'yan uwansu ne. Na daina bin wannan umarni ido rufe, kuma hirar wani manomin shinkafa daga yankin Kura a jihar Kano za ta nuna dalili.

An tambaye shi ko takin da wata ƙungiya ta yi alkawari ya iso. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce: "To, taki dai an kawo." Idan aka share "to" da "dai", saura "an kawo taki", kuma mai haɗa rahoto zai jefa shi cikin sahun waɗanda suka gamsu. Amma duk Bahaushe ya ji cewa da sauran magana. "Dai" ɗin nan ta keɓe taki ita kaɗai, ta ce wannan ɓangaren ne kawai zan iya shaida, sauran kuwa kada ka ja bakina. Yaron da ke tambayar ya ji hakan, ya ce: "Baba, kamar da saura?" Sai dattijon ya ce: "Ai sai da shinkafa ta fidda kai." Wato takin ya zo bayan lokacin amfaninsa ya wuce. Ƙorafin gaba ɗaya yana rataye a jikin haruffa uku.

A Turancin na buɗe jimlar da *well*, na kuma ƙarfafa aikatau ɗin yadda Bature ke yi idan ya amince da rabin magana yana riƙe da rabi. *Well* a farkon amsa aikinta ke nan sau da yawa: sanarwa ce cewa amsar da ke tafe ba za ta zo daidai da yadda mai tambaya ke so ba. Deborah Schiffrin, wadda ta fitar da nazarinta kan irin waɗannan kalmomi na Turanci a 1987, ta nuna hakan daga hirarrakin mutane na zahiri.

Sai dai akwai bambancin da ya fi ba mai fassara wuya, shi ne mazauni. Na Turanci yawanci a bakin ƙofar jimla suke tsayawa, su shafi jimlar duka. Dai da fa da kam ba sa buɗe jimla sam. Bayan kalmar da suke nufi suke zuwa, kuma idan ka matsar da su, ma'ana ta matsa. "Taki dai an kawo" na nufin sauran kayan ne ake shakka. "Mu dai an kawo mana" na nufin ban san na ƙauyen gaba ba. "An dai kawo" kuwa kawowar ce kaɗai aka yi, ingancinsa ko lokacinsa Allah masani. Jimla uku, kuma *well* guda ba za ta ɗauke su duka ba. Ta biyun dole in faɗa a fili da Turanci cewa kansu kawai yake magana.

Fa kuma wata aba ce daban. Dai tana rage da'awa, fa tana danna ta, tana jan kunne. Da dattijon ya ce "an kawo taki fa", da musu yake yi da wanda ya ce ba a kawo ba. "Ka dawo da wuri fa" gargaɗi ne, "ka dai dawo da wuri" lallashi ne da shawara. Ga kuma fa ta tambaya, irin ta "kai fa?", wadda ba ruwanta da cike gurbi ko kaɗan, in ka cire ta, tambayar ce ta tafi. Shi ya sa nake ganin kiran su kalmomin cike gurbi ma zalunci ne. Masu nahawu irin su Paul Newman sun ware su aji guda tare da kuwa da ma da kuma, kuma ba a banza ake ce musu gishirin Hausa ba.

Idan aka juyo daga Turanci zuwa Hausa, tarkon da na fi gani a aikin da ake kawo mini gyara shi ne *so*. Wani jami'in gona ya fara amsa da ita, mai fassara ya rubuta "saboda haka", alhali babu wani dalili da ya gabata. Mutumin kawai yana karɓar magana ne, abin da mu za mu ce "to". Yadda nake rarrabewa: in duba jimlar da ke gabanta, in tambayi kaina ko ita ce sanadin wannan. In ita ce, "shi ya sa" ko "don haka". In ba ita ba ce, "to", ko ma a bar gurbin haka nan. *Anyway* ma fuska uku gare ta: mai komawa kan zance bayan ya yi ratse yana cewa "to, kamar yadda nake faɗa", mai son rufe zance "shi ke nan", mai watsar da abin da aka faɗa "ko ma dai mene ne".

*You know* ta fi su rigima, don Hausa ba ta yarda ka ce ta ba tare da ka zaɓi ka san, kin san ko kun san ba, kuma wani lokaci rikodar ba ta nuna wa ake yi wa magana. Galibi nakan kauce da "ai", wadda ke yin aikin nan na cewa wannan abu ni da kai duk mun san shi. Ita ce dattijon ya yi amfani da ita a amsarsa ta biyu, kamar yana cewa kowa a garin nan ya shaida.

Ba cewa nake kome sai an bari ba. Akwai shara ta gaske: "eh", "abin nan" na mai lalubar kalma, da "ka gane" na mutumin da ke liƙa ta a ƙarshen kowace jimla har ta zame masa sabo. Irin wannan nakan bar ta farko don a ji muryar mai maganar, in share sauran. Gwajin da nake yi ba shi da wuya: in cire kalmar, in karanta jimlar da ƙarfi, in tambayi kaina ko amsar da mai sauraro zai mayar ta canja. Cire "abin nan" ba ya canja komai. Cire "dai" daga bakin manomin nan kuwa yana kashe tambayar "Baba, kamar da saura?", don babu abin da zai jawo ta.

Yanzu kafin in karɓi aiki nakan nemi a yarda in ba da kwafi biyu: ɗaya kalma da kalma, har da alamar inda aka yi shiru, ɗaya kuma gyararre don karatu. Masu ƙorafin tsawon na farko nakan tura musu jimlolin takin nan uku, in ce su zaɓi wadda za a ƙirga a matsayin "e".