Fish ɗin darasin kewaye da na kwafe a Tawa

A shekarata ta farko a wata lakwal ta Tawa, direkta ya ba ni kayen wani dattijon mushe na aji huɗu, ya ce in mai da darussansa bisa fish ɗin makaranta mai gida huɗu: manufa, ayyuka, kayan aiki, sai awon fahimta. Na ɗauka kwafi ne kawai. Darasin kewaye ne ya tsai da ni.

Mushen ya rubuta shi kamar labari. A sama ya ce: "yara su gane kewaye". Da na zo zuba wannan a gidan manufa sai na ga babu yadda zan tabbatar yaro ya gane, tunda ba a leƙa cikin kai. Na canza shi: a ƙarshen darasi, in aka ba yaro tsawo da faɗin garka, ya lissafa kewayenta. Wannan ana iya ganinsa a allon yaro.

Nan ne ɓarakar ta fito. Duk aikin da aka yi a aji na neman kewaye ne: a zagaye tebur da igiya, a auna igiyar, sannan garka mai tsawon mita 12 da faɗin mita 7, amsa 38. Amma tambayar ƙarshe cewa ta yi, kewaye mita 40 ne, tsawo 13, nemo faɗi. Wannan lissafi ne na komawa baya, sai an raba 40 biyu an cire 13, kuma babu inda aka koyar da shi. A cikin labari ban lura ba, sai da manufa da awo suka zauna kusa da juna a takarda ɗaya. Na canza tambayar, na sa tsawo 15, faɗi 8, a nemo kewaye. Wanda ya rubuta 46 ya samu. Mai 23 ya zagaya rabin garka ya tsaya, mai 120 kuma ninkawa ya yi.

Kayan aiki ba su ba ni wuya ba, igiya da abin awo ne, sai dai na rubuta adadinsu, don igiya ɗaya ba ta isar rukuni takwas.

Da na kai wa dattijon mushen, ya duba ya ce: "Ɗana, ina abin da na rubuta a gefe?" Da jan bik ya sa cewa yara kan tara tsawo da faɗi sau ɗaya su tsaya, don haka a sa su taka gefe huɗun da ƙafa a tsakar makaranta. Na jefar da shi saboda ba shi da gida a fish, alhali shi ne maganin mai 23 ɗin nan. Na mai da shi cikin ayyuka, minti biyar, kafin a taɓa alli.