Yadda harafi ɗaya ya raba min Malama gida biyu a databes

Bara ne wata makarantar kuɗi a unguwarmu ta ba ni aikin haɗa musu databes, don sun gaji da fayilolin Excel da suka yi musu yawa. Fayil uku akawunsu ya turo min, na ɗalibai, na ma'aikata, sai na iyaye. Ina buɗewa na ga ai kowanne da suna, da lambar waya, da adireshi, abu ɗaya ake ta maimaitawa sau uku. To sai na yi abin da aka koya mana a aji, na kwashe abubuwan da suka yi tarayya a kai na zuba su a entiti guda na kira shi `mutum`, sauran ukun suka koma 'ya'yansa, kowa ya riƙe abin da ya keɓanta da shi, ɗalibi da ajinsa, ma'aikaci da albashinsa. Wannan hawa daga ƙasa zuwa sama shi ne janaralaizeshan. Da a ce daga `mutum` na faro na riƙa rarraba shi zuwa ƙasa, sifeshalaizeshan ke nan, amma zanen da za ka samu a ƙarshe ɗaya ne, hanyar zuwa ce kawai ta bambanta.

Har nan lafiya lau. Inda na kwafsa shi ne ɗan da'irar nan da ake zanawa tsakanin sufakilas, wato uban da ke sama, da sabkilas, wato 'ya'yansa. A cikinsa ko dai ka rubuta `d`, ma'ana mutum ɗaya ba zai taɓa zama a gida biyu ba, ko ka rubuta `o`, ma'ana zai iya shiga biyu ko ma uku a lokaci guda. Ni ko tunani ban tsaya yi ba na dangwala `d`, wai ai fayil uku ne daban daban, malami malami ne, uba uba ne. Na kuma ja layi biyu daga `mutum` zuwa da'irar, wato dole kowa ya faɗa cikin ɗaya daga cikin ukun. Da na zo mayar da zanen tebur sai na ɗauki hanya mafi sauƙi, tebur guda ɗaya da kolom mai suna `iri` wanda ke ɗaukar kalma ɗaya tak.

Zango bai kai rabi ba Hajiya mai makarantar ta kira ni. Ta ce, “Injiniya, wai me ya sa na'urarka ta caji malamar lissafinmu cikakken kuɗi, alhali 'ya'yan ma'aikata ragi ake musu?” Na ce ranki ya daɗe bari in duba. Ashe malamar yaranta biyu a makarantar, kuma da akawu ya zo shigar da ita a matsayin uwa sai ya tarar `iri` ɗinta ya riga ya cika da ma'aikaciya, shi kuwa bawan Allah aiki na jiransa, sai ya buɗe mata sabon layi a tebur ɗin da sabuwar lambar shaida. A wurin databes mata biyu ne da ba su san juna ba, ɗaya na karɓar albashi ɗaya na biyan kuɗin makaranta. Ƙari a kan haka ta canza layin waya, aka gyara a ɗaya aka bar ɗayan, saƙonnin tunatarwa duk tsohon layin suke tafiya.

Laifin ba na akawu ba ne gaskiya, ni na gina masa ɗakin da ba ƙofa ya fasa taga. Abin da na fara yi shi ne neman sauran irinta:

```sql
SELECT waya, COUNT(*) FROM mutum
GROUP BY waya HAVING COUNT(*) > 1;
```

Wannan ba hukunci yake yankewa ba fa, nuni kawai yake yi, don akwai mata da miji masu layi ɗaya, akwai yaran da lambar babansu aka sa musu, ita kanta malamar ma bai kamo ta ba tunda lambobin wayarta sun riga sun bambanta. Sai da muka zauna da akawu muka bi suna suna, muka tsinci mai gadi da direban bas su ma a rabe.

Gyaran shi ne na fasa tebur ɗin. `mutum` ya riƙe suna da waya da adireshi, sai `maaikaci` da `waliyyi` kowanne da teburinsa, kuma firamare ki ɗinsu, wato lambar shaidar kowane layi, shi ne dai lambar da ke `mutum`. Yanzu malamar layi ɗaya gare ta a sama, layi ɗaya a kowane tebur na ƙasa, ragin kuɗi kuma ya zama tambaya mai sauƙi, shin lambar wannan waliyyin tana cikin `maaikaci`? Sai dai da'ira ɗaya harafi ɗaya take ɗauka, in na sa `o` a kan duka ukun na yarda ke nan ɗan aji uku na firamare ya karɓi albashi. Don haka hawa biyu na yi, `mutum` ya rabu zuwa ɗalibi da babba da `d`, shi kuma babba ya rabu zuwa ma'aikaci da waliyyi da `o`. A hawa na biyun layi ɗaya na ja ba biyu ba, saboda akwai mai adaidaita da ke ɗaukar yara, makaranta na ajiye lambarsa amma shi ba ma'aikaci ba ne ba kuma uban kowa ba.

Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, saura kaɗan in bi ko'ina ina sa `o`. A ɓangaren biyan kuɗi na kusa sake kwafsawa. Biya ko dai kash ne ko taransfa, sai akawu ya ce min ai wasu iyayen rabi suke kawowa a hannu rabi su tura, na ce shi ke nan obalaf ne wannan ma, wato `o`. Da na kwana da abin sai na ga ba haka ba ne, biya biyu ne aka yi a kan bashi ɗaya, kowanne da adadinsa da lokacinsa da shaidarsa. Malama mutum ɗaya ce mai hula biyu, wannan kuwa abu biyu ne na so in cusa a layi ɗaya. Na bar shi a `d`.

Wani abin da ban gane ba sai da na taɓa da hannuna, harafin da ke kan takarda ba ya hana komai. In ka yi tebura daban daban, babu abin da zai hana lamba ɗaya shiga duka biyun sai ka ɗaure da kanka:

```sql
CREATE TABLE biya (
  id INT PRIMARY KEY,
  iri CHAR(1) NOT NULL,
  UNIQUE (id, iri)
);
CREATE TABLE biya_taransfa (
  id INT PRIMARY KEY,
  iri CHAR(1) NOT NULL CHECK (iri = 'T'),
  FOREIGN KEY (id, iri) REFERENCES biya (id, iri)
);
```

Teburin kash shi ma haka, sai dai nasa `'K'` ne. Tunda layin sama `iri` ɗaya yake da shi, tebur ɗaya ne kaɗai a ƙasa zai karɓe shi. Amma ka duba bashan ɗin MySQL ɗinka, don kafin 8.0.16 karanta `CHECK` yake ya wuce kamar bai gani ba, ko kuskure ba zai nuna maka ba. Ni sai da na gwada cusa layin ƙarya na ga ya ƙi karɓa sannan hankalina ya kwanta.

Layi biyun nan kuwa, wato dole kowane biya ya samu layinsa a ƙasa, foren ki, wato ɗaurin da ke haɗa layin ƙasa da na sama, ba ya iya tilasta shi, don daga ƙasa yake kallon sama. A manhajar na ɗaure shi, shigar da layin sama da na ƙasa a taransakshan guda, ko su shiga tare ko duk su fasa. Ita kuma Malama an mayar mata da rarar kuɗinta a zango na gaba, har yau in mun haɗu sai ta tambaye ni wace ce a cikin su biyun na goge.