Yadda na karanta hirarmu kafin ta faɗa da bakinta

A Legas saurin amsa saƙo ba ya nuna abin da ke zuciyar mace. Wadda ta tashi aiki a Obalende za ta koma Agege tana iya shafe awa uku a gosulo, caji ya ƙare, ta isa gida ta tarar babu wuta. Shuɗiyar alamar WhatsApp ma ba hujja ba ce, tunda ana iya kashe ta. Shi ya sa da na haɗu da wata a Muzz, manhajar neman aure ta Musulmi, muka koma WhatsApp, ban tsaya ƙirga mintoci ba. Nakan koma saman hirar in gwada yadda take rubutu yau da yadda take yi makon jiya, ita da kanta, ba da wata ba.

Da farko ta ja aji, kuma hakan bai dame ni ba, ɗiyar Hausa ce. Amsarta gajeriya, amma kullum da tambaya a ƙarshe: "Kai fa, Malam, ya kasuwa?" Wata rana na ambata cewa motar tumaturinmu ta lalace a hanyar kasuwar Mile 12. Bayan kwanaki ita ta fara sallama, ta ce kayan sun iso lafiya? Wanda ya riƙe ƙaramar maganarka har ya dawo da ita, kana ransa ko da ba ka kan waya. Daga nan saƙon murya ya shigo, ta ce ta yi wa yayarta zancena.

Sai hira ta lafa, saƙonni suka ragu. A nan maza da yawa ke rikicewa su yi ta turo "kin manta da ni", kuma wannan yana ɓata abin da bai ɓaci ba. Ni na ga cewa duk dare bayan isha'i tana nan, in ba za ta samu dama ba kuma ta faɗa tun da wuri. Da na nemi zuwa gaishe ta Asabar, ta ce akwai biki, amma Lahadi bayan la'asar ta yi. Ta ƙi rana, ta kawo wata.

Sanyin ya fara ne daga tambayoyi, su suka fara ɓacewa. Tana amsawa da wuri, har fiye da da, amma "lafiya lau", "to", "Allah Ya sa". Na hau sama na ga duk sallamar kwanakin nan tawa ce. Na sake neman rana, ta ce "sai mun yi magana", ba ta sa wata ba. Alama ɗaya tana iya zama rashin lafiya ko damuwar gida, amma uku sun haɗu.

Na rubuta mata sau ɗaya: "Malama, na ga kamar hankalinki ya koma wani wuri. In haka ne ki faɗa min, ba zan riƙe ki a rai ba." Washegari ta amsa cewa an gabatar mata da wani a gida, tana ta jin nauyin faɗa min. Na yi mata fatan alheri.