Wasiƙar da na bari a aljihun mota

Mu huɗu muka kafa wani ƙaramin kamfanin casar shinkafa a Kano, da hannayen jari guda miliyan ɗaya. Nawa 300,000 ne, wato kashi 30 cikin 100. Da aka tashi sayen sabon inji, sai aka yanke shawarar fitar da sababbin hannayen jari 500,000 a kan naira 10 kowanne. Sakataren kamfani ya aiko mini da wasiƙa cewa rabona 150,000 ne, in biya naira miliyan ɗaya da rabi. Na jefa ta a aljihun mota, ina cewa ai nawa na nan, ba wanda zai taɓa shi.

Ƙannena, wasiƙar nan ita ce kariyata. Sashe na 142 na Dokar Kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ya ce kafin a sayar wa kowa sabon hannun jari, sai an fara yi wa masu jari na asali tayi, kowa daidai da kasonsa. Wanda ya karanta babin shuf'a a fiƙihu zai gane abin nan take: abokin tarayya ya fi bare cancantar saye. Gyaran da aka sa wa hannu a 2023 ya taƙaita wannan haƙƙi ga kamfanonin da ba sa tallata jarinsu ga jama'a, irin namu, ya kuma sa wa'adin kwana 21. Wanda ya yi shiru har wa'adin ya cika, an ɗauka ya ƙi.

Na yi shiru, wani abokin tarayyarmu ya kwashe rabona. Hannayen jarin kamfani suka zama miliyan ɗaya da rabi, 300,000 ɗina suka koma kashi 20. A lissafinmu kamfanin ya kai naira miliyan 20 kafin nan, wato kowane hannu naira 20, ga shi an sayar da sababbin a rabin kuɗi. Da aka haɗa da miliyan 5 da suka shigo, kasona ya sauko daga miliyan 6 zuwa miliyan 5, ban sayar da ko ƙwaya ɗaya ba.

Asarar kuɗin ma da sauƙi. Ƙuduri na musamman, kamar gyara ƙa'idojin kamfani, sai ya samu kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa. Da kashi 30 ni kaɗai ina iya tsayar da shi. Da kashi 20, a taro na gaba na ɗaga hannu ban yarda ba, aka ƙirga, aka wuce.

Idan irin wannan wasiƙa ta zo muku, ku fara duba ranar da ke jikinta, sannan ku gwada farashin da ainihin darajar kamfanin. Haƙƙin ba ya hana a fitar da jarin, kuma ba ya sa muku kuɗi a aljihu, don haka in farashin ya yi araha fiye da kima, a taron da ake yanke shi za ku yi magana. In kuɗinku bai kai ba, ku tambayi sakatare a rubuce ko za a karɓi wani ɓangare. Da na sayi 80,000 kawai, da ina nan sama da kashi 25.