Laraba: allon rahoto ya ce an sabunta

Ko shayi ban gama sha ba Hajiya ta leƙo ofis, takarda a hannu.

"Malam, tun makon jiya cinikin reshen Zariya bai motsa ba ko da naira ɗaya. Sun rufe shago ne?"

Na ce, "Hajiya, ai ga shi allon ya nuna an sabunta yau da asuba."

Ta ce, "Allon ya faɗi nasa. Ni na kira su, ciniki suke yi."

Gaskiyarta. Ƙaramar manhajar da ke ɗebo alƙaluman kowace asuba ba ta tsaya ba, tana tashi a kan lokacinta. Amma kafin ta taɓa komai sai ta miƙa wa Microsoft mabuɗinta na sirri, `client_secret`, an ba ta izinin shiga, `access_token`, wanda ransa kusan awa ɗaya ne. Wannan gajeren ba ya damun kowa, tunda kullum sabo ake karɓa. Uban nasa, mabuɗin, shi ne ya mutu. Ranar da aka haɗa aikin an bar wa'adinsa a kwana 180, zaɓin da shafin Azure na Microsoft ke fara kawowa, kuma babu wanda ya rubuta ranar a ko'ina. Can ƙasan rajistar aikin na tarar da `invalid_client`, da lamba `AADSTS7000222`, wato mabuɗin ya ƙare. Layi iri ɗaya, kowace asuba.

Gyaran bai ci rabin awa ba. Na ƙirƙiri sabo, na kwafi abin da ke ƙarƙashin `Value`, ba `Secret ID` ba, domin sau ɗaya yake bayyana. Ka bar shafin, ya tafi. Sai na duba mabuɗan sauran manhajojin da wannan umarni, ina karanta `endDateTime`:

```
az ad app credential list --id <appId>
```

Na manhajar albashi ma saura ƙiris ya ƙare. An yarda mabuɗi biyu su zauna tare, don haka na sa masa sabo tun tsohon na da rai.

Hajiya ta yi godiya, har da aiko da ƙosai. Ni kuwa raina bai kwanta ba har la'asar. Ƙarewar mabuɗi ba laifi ba ce, don tsaro aka yi ta. Shirun ne ya tsaya mini a rai. Manhajar ta ga kuskure ta haɗiye, ta fita da `0` kamar ta gama lafiya, tsohon fayil yana nan inda yake. Allon ya karanta tsohon fayil ɗin, ya buga kwanan watan yau. Kuma da waɗannan alƙaluman aka yi odar kaya ranar Litinin.

Yanzu in ba ta samu izini ba za ta faɗi da ƙara, saƙo ya shigo wayata. A saman allon kuma na sa kwanan watan ciniki na ƙarshe da ke cikin fayil, maimakon lokacin sabuntawa.

Wuta ta ɗauke kafin magariba. Gobe zan zauna da Oga kan odar Litinin.