Godiya ga duk wanda ya tsaya wa Autata

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar Asabar da aka gama gasar wasanni ta makarantar su Auta wayata ba ta huta ba, kira da saƙo ta ko'ina, wasu ma ban samu na mayar musu ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta godiyar nan gaba ɗaya kowa ya gani. Alhamdulillahi, su Auta sun zo na biyu a gudun ba-ni-in-ba-ka na 'yan mata, mita ɗari sau huɗu.

Wanda ya san yarinyar nan a gida zai gane me ya sa nake ta wannan murna a kan na biyu. Shekararta 13, tana aji biyu na ƙaramar sakandare, amma in baƙi suka yi sallama sai dai ka ji ƙarar ƙofar ɗaki. Aike kanti ma sai an haɗa ta da wani, don in mai kanti ya ce me kike so sai ta tsaya tana murza bakin hijabi. A aji ta san amsa sarai, tana rubuta ta a bayan littafi, amma ɗaga hannu kam a'a. Abin yana damuna sosai wallahi, don kunya ado ce ga 'ya mace, amma wannan ta wuce kunya ta koma tsoron mutane.

Godiyata ta farko ga Malamarsu ta wasanni. Ita ce ta hango ta wata safiya ta makara tana sheƙa gudu kafin a rufe get, ta sa aka kira ni. Ta ce Maman Auta yarinyar nan tana da ƙafa, ki ba ni aronta zango ɗaya. Kuma Malama ba ta sa ta a gudun mutum ɗaya ba inda ido zai yi mata yawa, sai ta sa ta cikin 'yan huɗun nan masu miƙa sanda, a matsayi na biyu. Daga baya take min bayani cewa ta biyu ita ke cin miƙaƙƙen layin can ɗaya gefen filin, nesa da rumfar manyan baƙi, sannan aiki biyu ne a kanta, ta karɓa kuma ta bayar.

To a wajen bayarwar nan ne aka sha fama, kuma a nan ne yarinyata ta canza. Ni ma da ban san haka abin yake ba sai da na riƙa zuwa kallon atisaye. Mai karɓar sanda ba ta waiwaye in ta fara gudu. Tana tsaye ne ta zuba ido a kan wata alama da aka yi a ƙasa a bayanta, da zarar mai zuwa ta taka alamar sai ta juya ta fita da gudu iya ƙarfinta, hannunta ba ta miƙa shi baya sai ta ji an yi mata kira. Wurin da aka yarda a yi musayar mita 30 ne kacal, in sandar ta wuce shi ba a karɓa ba an cire ku daga gasar ko da ku kuka fi kowa gudu. Ke nan dole mai kawowa ta buɗe baki ta ce "hannu!" da ƙarfi, cikin ihun jama'a, a daidai lokacin da ta kusa cim ma ƙawarta.

Auta ta ƙi. Gudun tana yi lafiya lau, in ta iso sai ta yi kiran ciki-ciki, ta ukun ba ta ji, sai ta rage gudu ta waiwayo, su yi karo ko sandar ta faɗi. Sati da sati ana haka, tana dawowa gida ido jawur ta ce ita ta fasa. Malama ba ta taɓa yi mata tsawa ba. Abin da ta yi, ta jera su huɗun a tsaye ba gudu, taku biyu tsakani, suna kaɗa hannu kawai, kowa sai ta yi kira kafin ta miƙa, dama zuwa hagu, hagu zuwa dama. Daga nan sai da tafiya, sai da sassarfa. Sannan ta koma can tsakiyar fili ta tsaya ta ce in dai ban jiyo ki daga nan ba a sake. Alamar ma sai da ta gyara musu, don da farko ta ukun tana tsere wa Auta, Malama ta ce hakan na nufin alamar ta yi nisa, ta rage tsawon tafin ƙafa biyu, aka gwada aka ga sun haɗu daidai.

Ranar gasa ina zaune a rumfar iyaye, filin ya cika da ƙura da ihu, amma wallahi daga ɗaya gefen na jiyo muryar 'yata. Ban san lokacin da na miƙe ba, mayafina ma a ƙasa wata baiwar Allah ta tsinto min. Hajiya in kina ganin wannan na gode.

Ina godiya ga Babansu. Da farko ya ɗan ja baya saboda maganar shiga da kuma abin da mutane za su ce, amma da ya je ya ga mace ce ke koya musu, kuma dogon wando ne da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi, sai ya amince, har shi ya kai ta Ƙofar Wambai ya zaɓo mata kambas. Kambas ɗin nan ya taimaka, don lokacin da take gudu da takalmin makaranta ƙwaurinta ya riƙa ciwo har sai da Malama ta ba ta hutun kwanaki. Yaya babba, kai ma Allah ya yi maka albarka, duk sanyin hunturun nan kai kake tashi ka raka ta. Haka mai adaidaitan layinmu da yake jiran su in an tashi a makare bai taɓa ƙara ko sisi ba.

Sai ƙawayenta ukun nan da iyayensu. Yara ne, da sun so da sun ce a canza ta tun sandar tana faɗuwa, amma ta ukun har gida ta biyo ta da littafi a naɗe suka yi ta gwaji a soro. Yanzu in sun haɗu surutu har sai na ce su rage.

Shekaranjiya malamin lissafi ya aiko min cewa ta fito allo da kanta ta yi aiki a gaban aji. Jiya kuma da ƙanwar Babansu ta zo, ita ta fito ta gaishe ta ta kawo ruwa, har tana ba ta labarin Tobi Amusan da ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge a 2022, wai Malama ce ta nuna musu bidiyon, kuma wai ita ma so take wata rana ta yi gudu a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Gwaggon sai kallona take.

Malama ta ce atisaye zai ci gaba bayan hutu, kuma tana neman ƙarin yara daga aji ɗaya, iyayen da suka tambaye ni sai ku same ta a makaranta. Wanda ban ambata ba dan Allah ya yi haƙuri, kuna da yawa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raya mana zuri'a, ya biya Malama da gidan Aljanna. Amin.